Jaririn da ya cika barci

Shekarata ta biyu ce da fara aikin jinya a ɗakin haihuwa, ranar wata Laraba ina aikin dare, aka shigo da wata yarinya mai cikin fari tare da uwar mijinta. Wajen ƙarfe goma ta sauka lafiya, namiji, kilo 2.9, ya tsala kuka tun kafin a yanke cibi. Na goge shi, na ɗora mata a ƙirji, na cika takarda. A gurbin da ake rubuta lokacin fashewar faya na sa "kafin isowa", don abin da aka ce mini ke nan, ban ƙara bin ba'asi ba.

Da asuba na zagayo. Hajiya na zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Sista, wannan miji nawa ɗan albarka ne, tun tsakar dare ko motsi bai yi ba." Na tambayi mai jego ko ya sha nono. Ta ce ya kama sau ɗaya bayan haihuwa, daga nan in ta sa masa sai ya saki. Na buɗe zanin da aka naɗe shi, na taɓa cikinsa da bayan hannuna, na ji shi sanyi ƙalau, alhali zani uku ne a jikinsa da hula. Ma'aunin zafi a hammata ya nuna 35.2. Na kalli agogo na ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, 68. Na sake ƙirgawa, 70. Duk fitar numfashi kuma da ɗan nishi siriri, wanda sai ka kai kunne za ka ji.

A nan ne na yi tambayar da ya kamata in yi tun daren jiya. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce ruwa ya fara zubo mata tun Talata da la'asar, ta ɗauka fitsari ne, kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Daga la'asar ɗin Talata zuwa goman daren Laraba awa 30 ke nan. Ƙa'idar da muka karanta kuwa ita ce, in faya ta fashe aka wuce awa 18 ba a haihu ba, ƙwayoyin cutar da ke zaune a gaban uwa sun samu hanyar haurawa zuwa wurin ɗa. Na gwada jikin uwar, 38.3.

Abin da ke damun yaron shi ne sefsis, wato ƙwayoyin cuta sun shiga jini suna yawo. Wanda ya bayyana cikin awa 72 na farko shi muke kira na wuri, kuma kusan kullum daga wurin uwa aka kwaso shi, ko a ciki ko a hanyar fitowa. Abubuwan da ke sa mu zargi jariri tun kafin ya nuna komai ba su da yawa: daɗewar faya a fashe, zazzaɓin uwa lokacin naƙuda da ya kai 38, ruwan faya mai wari, haihuwa kafin cikar sati 37, da yawan sa hannu ana duba mace a doguwar naƙuda. Wannan yaro yana da biyu daga ciki. Da na sani tun ƙarfe goma, da an fara masa allurar kariya a daren, a yi kwana biyu ana lura da shi.

Na kira likita, muka mayar da yaron ɗakin jarirai. Aka sa masa iskar numfashi, aka ɗumama shi, aka duba sukarin jininsa saboda jaririn da ba ya shan nono sukarinsa kan faɗi, aka ɗebi jini don gwaji. Ba a jira sakamako ba, domin shukar jini, wato gwajin neman ƙwayoyin cuta a jini, tana cin kwanaki. Aka fara ampisilin miligiram 50 kan kowane kilo, wato 145, duk bayan awa 12, da jentamaisin miligiram 5 kan kilo, wato 14.5, sau ɗaya a rana. Uwar ma aka sa mata nata maganin, tana tatso nono ana ba shi ta siririn bututu. A rana ta uku ya kama nono da kansa. Sai da ya cika kwana goma yana karɓar allura, a asibiti aka raɗa masa suna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanyin nan. Mu duka, har da ma'aikata, mun saba cewa cuta zafi take kawowa. Jariri sabuwar haihuwa kuwa jikinsa bai iya faɗa da cuta yadda na babba yake yi ba, sau da yawa maimakon ya yi zafi sai ya yi sanyi, ya yi laushi, ya bar kuka. Daidai ɗinsa tsakanin 36.5 ne da 37.5. In ya kai 38 ko ya sauka ƙasa da 35.5, magana ta tashi daga ta ƙarin zani.

Sefsis na bayan awa 72, wanda muke kira na jinkiri, yakan zo har zuwa kwana 28, shi kuma daga waje yake shiga. A asibiti hannunmu ne da kanula da bututu, musamman ga bakwaini da ya daɗe a kwance, kuma ba na jin daɗin faɗin haka amma gaskiya ce. A gida yawanci cibiya ce ƙofar, ana gasa ta da tsumma ko a shafa man goge baki don ta yi saurin faɗuwa, sai kuma askar wanzami ranar suna, da hannun 'yan barka da kowa ke son ya ɗauka. Irin wannan ya fi saurin haurawa ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau, kuma kada a jira wuya ya sanƙare, don a jariri ba kasafai yake yi ba. Maɗiga ake dubawa ko ta kumbura, da jijjiga, wadda wani lokaci ba ta wuce ƙyafta ido ko taune-taunen baki ba. In sanƙarau ne, allura takan kai sati uku.

Yanzu duk mai jegon da zan sallama, nakan zaunar da ita tare da wadda za ta yi mata zaman jego, don ita ce mai yanke hukunci a gida. Nakan miƙa musu man kulohegzidin in ce shi kaɗai za a shafa wa cibiya, da wankakken hannu. Sannan in ce: "Mama, in yana shan nono ya daina, ko sai an taɓa shi yake motsi, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko numfashi ya yi sauri ƙasan ƙirji na lotsawa, ko jan cibiya ya bazu kan fatar ciki, ku taho a wannan lokacin, ko tsakar dare ne. Kada a ce sai an yi suna, kada a fara jiƙo." Nakan nuna musu ƙirgar numfashi da agogon waya, minti ɗaya cikakke yana kwance shiru, 60 ko fiye ya yi yawa.

Tambayar faya kuma na canza yadda nake yin ta. Nakan bari sai surukar ta fita alwala, in matso kusa in ce, "Ƙanwata, wace salla kika yi ta ƙarshe kafin ki fara jin jiƙa a zaninki?" Daga amsar nake ƙirga awannin, in rubuta adadin da jan biro a saman katin jariri.