Abin da na koya game da sanarwar "amsoshinmu ba su da ado"

Kamfani da yawa suna kashe adon rubutu a wurin hira da kwastomomi, wato babu rubutu mai kauri, babu karkatacce, babu jerin ɗigo-ɗigo. Darasin da aikin nan ya koya mini shi ne dole a gaya wa kwastoma dalili, domin saƙo tsirara babu kwalliya yana kama da na 'yan damfara a idon mutanenmu.

Ga inda matsalar take. Yawancin manhajojin hira suna fassara alamar tauraro a matsayin umarni. A Markdown, wato tsarin yi wa rubutu ado da alamomi, tauraro ɗaya a kowane gefen kalma yana karkata ta, biyu suna ƙara mata kauri. A WhatsApp kuwa tauraro ɗaya ne ke ƙara kauri, SMS kuma bai san ko ɗaya ba. To, a ce ma'aikaci ya tura wa kwastoma lambar da zai danna a waya:

```
*123*1#
```

Idan Markdown yana kunne, sai ya haɗiye taurarin biyu, ya karkata 123, kwastoma ya ga `1231#` kawai. Zai danna, waya ta ƙi, ya dawo a fusace yana cewa an ba shi lambar bogi, alhali ma'aikacin daidai ya rubuta. Ana gane wannan cikin sauƙi: a nemi kwastoma ya turo hoton allonsa, a gwada da abin da aka tura. In taurari sun ɓace, to adon rubutu ne ya cinye su. Wannan kaɗai ya isa a kashe shi.

Sanarwar kanta kada ta wuce jimla uku: abin da kwastoma zai gani, dalilinsa, da abin da kamfani ba zai taɓa tambayarsa ba. Misali: "Amsoshinmu za su zo miki ko maka babu adon rubutu. Mun yi haka ne don lambobi su iso yadda aka rubuta su a kowace waya. Ba za mu taɓa tambayar lambar sirri ba." Jimlar ƙarshen ce ke kwantar da hankali, ita kuma aka fi mantawa. A ajiye sanarwar a saman akwatin rubutu kafin saƙon farko, domin wanda ya riga ya tsorata ba ya tsayawa karanta bayani.

Sai a kula idan sanarwar za ta bi ta SMS. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma ƙ, ɗ da ɓ ba sa cikin GSM-7, wato jerin haruffan da SMS ya saba amfani da su. Guda ɗaya ya shiga, iyakar ta sauko zuwa 70, saƙon ya rabu gida uku, kuɗin turawa ya ninka. A gwada ta a ƙaramar waya mai madannai kafin a fitar da ita.