Darussan da Na Koya wajen Tsara Tambayoyin Gaskiya ko Ƙarya ga Ɗaliban Akanta

Babban abin da na fahimta a aikin tsara wa ɗaliban akanta tambayoyin gaskiya ko ƙarya shi ne, jumlar da ta zama maimaicin ma'anar da ke cikin littafi ba ta auna komai sai hadda. Idan aka rubuta ƙa'idar lokacin faruwa, wato cewa ana shigar da kuɗin shiga da kuɗin kashewa a lokacin da suka faru, ko da kuɗi ba su shiga hannu ko fita ba, kusan kowane ɗalibi zai ce gaskiya ne, alhali da yawansu za su rikice da zarar an ɗora musu adadi da kwanan wata. Ga kuma matsalar canki-canka, domin wanda bai buɗe littafi ba ma yana iya cin kusan rabin makin.

Saboda haka nakan gina jumlar ƙarya a kan kuskuren da ɗalibai ke yawan yi a takardunsu. A ƙa'idar lokacin faruwa, ga misalin da na fi amfani da shi: kamfani ya biya hayar shekara guda, 120,000, ranar 1 ga Oktoba, yana kuma rufe littattafansa ranar 31 ga Disamba. Sai jumlar ta ce, "Kuɗin haya da za a cire daga ribar wannan shekara 120,000 ne." Amsar ƙarya ce, domin wata uku kawai aka ci daga hayar, wato 30,000, ragowar 90,000 kuwa biyan gaba ne da zai zauna cikin kadarorin kamfani. Ɗalibin da ya ce gaskiya ne ya nuna mini inda ya ɓata, wato yana bin fitar kuɗi daga asusu. Dole ne kwanakin nan biyu su bayyana a cikin tambayar, in ba haka ba wanda ya ɗauka shekarar ta ƙare a Satumba yana da hujjar da ba za a iya ture ta ba.

Ƙa'idar taka-tsantsan ce ta fi wuyar tsarawa, kuma a ganina a nan ne mai tambaya ya fi buƙatar natsuwa. Ɗalibai da yawa suna ɗauka ma'anarta a rage riba duk inda aka samu dama. Hukumar IASB, mai tsara ma'aunan lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa, ta cire ta daga kundin ginshiƙanta a 2010, sannan ta dawo da ita a 2018 da ma'anar yin hattara wajen yanke hukunci a inda babu tabbas, ba tare da an ƙasƙantar da kadarori ko an kumbura bashi da gangan ba. Don haka jumlar da ta ce "Taka-tsantsan ta halatta wa akanta ya ɓoye wani ɓangare na riba domin shekarar da kasuwa za ta yi tsanani" ƙarya ce, kuma takan kama ɗalibai masu ƙwazo, saboda a kunne tana kama da hikima. Ta fuskar lissafi kuwa, nakan ba da kayan da aka saya 50,000, ana sa ran sayar da su 46,000, ɗawainiyar sayarwar kuma 2,000, sai in ce za a rubuta su a 46,000. Ma'aunin IAS 2, wanda ya shafi kayan sayarwa, ya ce a ɗauki mafi ƙanƙanta tsakanin kuɗin saye da abin da zai rage bayan an cire ɗawainiyar sayarwa, saboda haka 44,000 ne daidai. Adadin 46,000 yana raba wanda ya san rabin ƙa'idar da wanda ya san ta duka.

A ƙa'idar ɗorewar kasuwanci, wato zaton cewa kamfani zai ci gaba da aiki, jumla ɗaya ta isa: "Kamfanin da ya yi asara a bana ba zai shirya rahotonsa a kan zaton ɗorewa ba." Ƙarya ce, domin asara alama ce da shugabanni za su duba tare da sauran alamu, suna hangen aƙalla wata 12 daga ƙarshen shekarar lissafi. Ana barin wannan zato ne idan an yi niyyar rushe kamfanin ko daina kasuwanci, ko kuma babu wata mafita sai hakan.

Nakan guji kalmomi irin su "koyaushe" da "ko kaɗan", domin ɗalibai sun daɗe da gane cewa jumlar da ke ɗauke da su galibi ƙarya ce, haka kuma ba na cusa ƙa'idoji biyu cikin jumla guda, tun da rabinta na iya zama gaskiya rabi ƙarya. Ƙarƙashin kowace tambaya nakan bar layi ɗaya, in nemi duk wanda ya ce ƙarya ne ya rubuta adadi ko hukuncin da ya dace, kuma sai ya rubuta 30,000 ko 44,000 ɗin nan kafin ya sami cikakken maki.