Ƙarin jini na biyu ne ke kashe kare, mage kuwa tun na farko

Abinda na fi riƙewa daga aikin asibitin dabbobi shi ne kare da mage ba ɗaya suke ba wajen ƙarin jini, ko kusa.

Kare yana da rukunin jini da yawa amma wanda muke fara dubawa shi ne DEA 1, ko yana da shi ko babu. Karen da ba a taɓa ƙara wa jini ba jikinsa bai riga ya tanadi sojojin yaƙar wannan rukunin ba, shi yasa na farko yawanci yake wucewa lafiya. To amma bayan kamar kwana 4 jikin ya fara gane baƙon jini.

An taɓa kawo mana wani karen gadi mai kilo 20, ciwon kaska ya shanye masa jini, dasashinsa fari fat, PCV ɗinsa, wato kason jajayen ƙwayoyin jini cikin ɗari na jininsa, 12 ne. Lissafin shi ne mil 2 na jini a kowane kilo yana ɗaga PCV da maki 1, don haka mil 400 ya kai shi wajen 22. Bayan sati jinin ya sake sauka, mai shi yace likita ai sai a ɗebo na wancan karen da ya ba shi jini da farko tunda ya karɓe shi. Oga tace a'a, sai an yi gwajin dacewa tukuna. Muka wanke jajayen ƙwayoyin jinin mai bayarwa sau uku da ruwan gishirin ƙarin ruwa, muka haɗa ɗigo ɗaya da ɗigo biyu na ruwan jinin mara lafiyan, minti 15 a zafin digiri 37, da muka duba a maikuroskof wallahi ƙwayoyin sun cure guri guda kamar gudajin kunu. Dole aka nemi wani karen.

Mage kam babu wannan rangwamen. Rukuninta A ne ko B ko AB, kuma mai B ana samunta da sojojin yaƙar A masu ƙarfi ko ba a taɓa ƙara mata jini ba, mil ɗaya na jinin A zai iya kashe ta. Ni dai ban yarda a ɗaura wa mage jini ba tare da sanin rukuninta ba, komai gaggawa.

Ko gwaji ya yi kyau, kar a saki jiki. A auna zafin jiki da bugun zuciya da numfashi kafin a fara, sannan a fara a hankali, kamar rabin mil a kowane kilo a awa, na minti 15 zuwa 30 na farko, mutum yana tsaye a kai. In zafi ya ƙaru da digiri 1, ko amai, ko dalalar yawu, ko haki, ko fuska ta kumbura, a tsayar da jinin nan take kafin ma a fara tunanin dalili, a bar allurar a jijiya saboda ruwa da magani. Fitsari ja shi ne mafi tayar da hankali don yana nufin ƙwayoyin suna fashewa a cikin jijiya. In komai lafiya sai a ƙara gudu, amma leda ɗaya kar ta wuce awa 4 a rataye saboda ƙwayoyin cuta.