Daren da Rana da Duniya suka fito mini a karta

A shekarar da nake digiri na biyu a Ingila, gida ɗaya muke haya da wata 'yar Italiya mai kartar tarot, wata irin karta mai zane-zane da ake duba da ita. Ban yarda kwali ya san gaibu ba, gaibu sai Allah, kuma na san hukuncin duba a addininmu. Zanen ne ya ja ni. Ita da kanta ta ce a ƙasarsu, a ƙarni na 15, kartar wasa ce kawai, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka mayar da ita ta duba a Faransa. Tata irin wadda aka fara bugawa a Landan a 1909 ce, zanen Pamela Colman Smith, kati 78, manya 22 a cikinsu.

Wani dare, saura mako shida in miƙa kundin bincikena, ta shimfiɗa kati uku a teburin kicin, na jiya da na yau da na inda lamarin ya dosa. Na farkon ma na manta shi. A tsakiya Rana ce, lamba 19: yaro tsirara a kan farin doki, riƙe da jar tuta, bayansa katanga da furanni huɗu. A ƙarshe Duniya, lamba 21: mace tana rawa cikin zoben ganye da sanda a kowane hannu, a kusurwoyi huɗu kuma ga kan mutum, da na gaggafa, da na bijimi, da na zaki. Ta tafa hannu ta ce da wuya a samu katin da ya fi waɗannan biyu daɗi.

Ni da na ce ban yarda ba, sai ga shi na saki jiki. Kalma 15,000 ake so, ina da 9,000, amma na kwana goma sha biyu ban buɗe kundin ba. Ran na goma sha uku malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na uku, jan rubutu ko'ina, ya ce kalma 2,000 su fita domin ba su amsa tambayar binciken ba. Na koma 7,000, saura kwana 30.

Na same ta ina ƙorafi, sai ta jero manyan katunan bi da bi, ta ɗora yatsa tsakanin 19 da 21. Lamba 20 katin Hisabi ne, mala'ika na busa ƙaho, matattu na tashi daga akwatunansu. Ta ce a jerin nan ba a zuwa Duniya daga Rana sai an bi ta kansa. Ta ƙara da cewa masu karanta tarot suna ɗaukar Rana a matsayin haske da ƙarfin jiki da bayyanar abu a fili, kuma haske ba ya zaɓen abin da zai nuna, har giɓi yana tonawa. Duniya kuwa rufewa ce, shi ne kati na ƙarshe a manyan. Rufewar tana iya zuwa da nasara, tana iya zama kawai lokaci ya cika. Idan katin ya fito a kife, sukan ce abu ne da ya kusa kammala ya maƙale.

Wannan ya tsaya mini a rai, domin rufewar tana kan kalanda tun kafin a taɓa karta. Ranar miƙa kundi ba ta motsi. A watan ne hayar ɗakina za ta ƙare. Ni ce na ji “ƙarshe” na fassara shi da “na ci”, don abin da kunnena ke so ke nan.

Na ɗauko takarda na raba ta biyu. Ƙarƙashin Rana na rubuta abin da yake a fili: babi biyu sun tsaya da ƙafarsu, hirarrakina duk na kwafe su, na uku ya rushe, na huɗu babu shi. Ƙarƙashin Duniya na rubuta abin da rufewa ke bukata, kowanne da ranarsa: kalma 400 kullum na kwana 20, wato 8,000, sauran kwana goma na gyara da jera manazarta. Duk layin da ba shi da aiki da kwanan wata na soke shi. “Komai zai yi kyau” shi ya fara tafiya.

Daga nan nake gane lokacin da fata ya fara yaudarata: in na ji daɗi da dare amma lissafin kalmomi bai motsa ba tun safe. Sau uku hakan ta faru, na rama a ƙarshen mako. Na miƙa kundin saura kwana biyu. Na ci, ba da makin da na yi mafarki ba. Babi na uku ne ya ja ni ƙasa, kuma masu gyaran sun rubuta haka ƙarara. Ranar da nake ɗaure kaya ta so ta sake shimfiɗa mini uku na bankwana, na ce ta bar su a kwalinsu ta zo ta kama mini akwati.