Gobarar mangazata da kwalaben gaz ɗin da suka ci mini miliyan biyu

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mangazata a Yamai ta ƙone, kayan miliyan 5 na sefa suka tafi, shinkafa da mai da makaroni, kuma wutar daga wayar kuran ta tashi, ɗan binciken kamfanin asurans ɗin da kansa ya rubuta haka. Amma miliyan 3 aka biya ni.

Lokacin da na sa hannu a kwantira akwai takardar tambayoyi, ciki har da ko ana ajiye abu mai saurin kama wuta, na ce a'a kuma gaskiya na faɗa. Daga baya ne ƙanena ya fara saida gaz yana jera kwalaben a lungu ɗaya. Ashe dokar asurans ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, a aya ta 12 ta ce in wani abu ya sake da ke ƙara haɗari har amsarka ta farko ta daina zama daidai, sai ka sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 15. Yarjejeniyar gaba ɗaya kan amana take tsaye, su ba sa kwana a mangazarka, abin da ka faɗa musu da shi suke yanka kuɗi.

Da farko ma cewa suka yi ba za su ba ni ko dala ba, wai da gangan na ɓoye. Wannan ita ce aya ta 18: kwantira ta rushe, kuɗin da ka zuba nasu ne, ko da abin da ka ɓoye ba shi ya jawo gobarar ba. Na yi ta cewa ai ba gaz ya kunna wutar ba, lauyana ya ce "Alhaji bar wannan maganar, ba ta fisshe ka, su kawo hujja cewa da mugun nufi ka yi shiru." Ba su da ita, sai aka koma aya ta 19.

Lissafin can ba wuya. Jika 120 nake biya a shekara, da sun san da gaz jika 200 za su karɓa, wato uku cikin biyar na biya, to uku cikin biyar na asarar za su ba ni. Jika 80 da takarda guda, su suka zama miliyan biyu!

Sun kuma nemi rasit na kowane buhu, don sai abin da asararsa ta shafe ka kake iya yi wa asurans. Buhunan da maƙwabcina ya ba ni ajiya ba su cikin kwantirar, aka cire su tun kafin lissafi.

Yanzu ko janareto na sayo ko wani ya kawo ajiya, takarda nake kai musu su buga hatimi in riƙe kwafi.