Naira 180,600 da wasiƙa biyu da na rubuta a kansu

Ƙarshen watan nan zan ajiye aikin akanta a shagonmu na kayan gini a nan Sakkwato, bayan shekara huɗu. Yarinyar da za ta gaje ni ta ce in bar mata abin da na koya a rubuce. Da na zauna, abu ɗaya ne ya riƙa dawo mini, wato maganar inbois ɗin dillalinmu na Kano.

Mota ta iso da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke hana mutum tunani. 'Yan dako suka sauke fenti da tayil, mai sito ya ƙirga, ya rubuta abin da ya gani a jikin wayabil, direba ya sa hannu. Bayan kwana biyu inbois ya shigo ta imel, jimilla Naira 2,945,500. Na duba, na ga bai yi daidai da abin da muke tsammani ba, na kai wa manaja. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Waɗanga mutane sun raina mu. Rubuta musu yanzu, kuma ki sa Alhajinsu ya gani."

Na bi umarni. Layi uku na rubuta, na ce sun yi mana ƙarin Naira 168,000, ba za mu biya ba sai sun gyara, kuma ba mu saba irin wannan mu'amala ba. Na tura wa akawunsu, na haɗa da maigidansa.

Amsa ta zo kafin la'asar. Akawun ya ce ya sake buga lissafin a kalkuleta, komai daidai yake, in nuna masa inda kuskuren yake. Gaskiya ya faɗa. Idan ka ɗauki inbois ɗin shi kaɗai ka ninka adadi da farashi, ka haɗa, ka ɗora haraji, 2,945,500 za ka samu. Kuskuren yana tsakanin inbois da sauran takardu biyu, wato takardar odar da muka tura da wayabil ɗin da aka sa wa hannu a sito, kuma ban tura masa ko ɗaya ba. Ga shi kuma na tozarta shi a gaban maigidansa, don haka dole ya kare kansa. Alhajinsu ya ce a dakatar da lodinmu na gaba har a warware.

Washegari manaja ya tsaya a tsakiyar shago, gaban yaran sito da masu saye, ya ce ni na ɓata masa hulɗar shekara goma saboda ban iya magana ba. Bai ambaci cewa shi ya ce a sa Alhajinsu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe." Har yau in na tuna tsayuwar nan sai raina ya sosu.

A daren na baje takardun uku a tabarma na bi su layi-layi. Fenti mai lita 20 mun yi odar bokiti 60, inbois ya ce 60, amma wayabil ya ce 54 aka sauke. Tayil kwali 200 sun iso cif, sai dai a takardar oda farashin kwali 6,500 ne, inbois kuma ya sa 6,800. Fenti mai mai ba shi da matsala. A nan kuma na gano nawa kuskuren. Naira 168,000 da na nema kuɗin kaya ne kawai, na manta harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da aka ɗora a kan jimillar da ta kumbura. In kuɗin kaya ya sauka, harajin ma sai ya sauka. Da sun amince da wasiƙata ta farko, da mun biya Naira 12,600 a banza.

Ga wasiƙa ta biyu, wadda akawun kaɗai na tura wa:

"Assalamu alaikum, Malam. Ka yi haƙuri da saƙona na jiya, ban yi bayani yadda ya kamata ba. Lissafin cikin inbois ɗinku daidai yake, amma layi biyu sun saɓa wa takardar oda da wayabil. Na haɗo hotonsu.

Fenti lita 20: inbois bokiti 60 a kan 18,000, kuɗi 1,080,000. Wayabil bokiti 54, kuɗi 972,000. Bambanci 108,000.

Tayil kwali 200: inbois 6,800 kowane kwali, kuɗi 1,360,000. Takardar oda 6,500, kuɗi 1,300,000. Bambanci 60,000.

Fenti mai mai galan 40 a kan 7,500, kuɗi 300,000. Wannan daidai ne.

Kuɗin kaya: 2,572,000 maimakon 2,740,000. VAT: 192,900 maimakon 205,500. Jimilla: 2,764,900 maimakon 2,945,500. Ƙarin ya kama 180,600.

Don Allah a aiko da inbois da aka gyara ko takardar ragi. Idan bokiti 6 ɗin na wurinku kuma za su biyo motar gaba, a yi musu nasu inbois. A shirye muke mu biya 2,764,900 da zarar takardar ta iso. In akwai abin da ban gani ba, ka sanar da ni."

Da gangan na sa layin da babu kuskure a ciki, don ya ga duk takardar na bi, ba neman laifi na fito ba. Da gangan kuma na faɗi abin da za mu biya da lokacin biya, saboda dillali yakan zaci mai ƙorafin inbois jinkirta biya yake nema. Ban faɗi abin da ya jawo kuskuren ba, tunda ban sani ba. Ashe bokiti shidan mota ce ta cika aka bar su a sitonsu, shi kuwa akawu daga oda ya kwafi adadin. Farashin tayil kuma sabo ne da ya fara aiki bayan mun riga mun tura odarmu. Da yamma gyararren inbois ya shigo, har da ban haƙuri.

Ki sani, ƙanwata, wannan hanya na aiki ne kawai in akwai rubutu. Tayil ɗin nan mun tsira ne don farashin na kan takardar oda. Sau da yawa manaja kan yi ciniki ta waya ya ce "mun gama magana", kuma irin wannan ba ki da abin da za ki haɗa a imel. Duk ranar da ya faɗa miki farashi da baki, ki tura wa dillalin saƙo a ranar ki ce ga abin da aka daidaita, ya tabbatar. Kada ki rage kuɗi ki biya shiru ba tare da takardar ragi ba, don littafinsu zai ci gaba da nuna ana bin mu bashi. Wayabil da ba a rubuta ƙarancin kaya a kansa kafin direba ya tafi ba, ba ya zama shaida.

Da mai shago ya dawo daga tafiya, manaja ya gaya masa ya kama ƙarin Naira 180,600 a takardar Kano. Ina zaune a teburina ina ji. Wasiƙun biyu suna cikin fayil ɗin dillalin, a aljihun tebur na ƙasa, kuma sunana ne a ƙarshen kowacce.