Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hunturun Jamus da Takardar Mai Gida

Makon jiya mun tsaya a saukata Jamus. Wannan makon zan ajiye labarin, domin iyaye da ƙanne daga Bauchi suna ta tambayar abin da yaro zai tarar idan ya tafi karatu a watan Oktoba, lokacin da zangon hunturu ke farawa.

Tufafi dai hawa uku ake yi. Na jikin fata ya zama mai kama jiki, na ulu ko na roba-roba, kada ya zama auduga, domin auduga tana shan gumi ta riƙe, kana fita daga jirgin ƙasa mai ɗumi sai ta yi sanyi a jikinka. Sai suwaita a kai, sannan jaket mai tare iska da ruwa. Suwaita, hular sanyi da safar hannu za a iya tsinta a gwanjon Wunti ko Muda Lawal. Jaket da takalmi kuwa a bari sai an je can, don abin da ke maganin sanyin Jos ba ya tare iskar Janairu. Takalmin ya zama mai kaurin ƙasa da zane, ya ɗan fi ƙafa girma saboda safa mai kauri. Idan ya matse, jini ba ya zagayawa sosai, yatsu su daskare.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne ɗaki. A takardar haya za ka ga Kaltmiete, wato kuɗin ɗaki zalla, da Warmmiete, wanda aka haɗa da ruwa, shara da galibi ɗumama ɗaki. A ce na farko yuro 300 ne, na biyu 390. Wannan 90 ɗin kafin alƙalami ne kawai. Sau ɗaya a shekara ake karanta mita a yi lissafi, idan ka ƙona fiye da abin da ka biya a aiko maka da ciko. A ɗakunan kwanan ɗalibai yawanci kuɗin dunƙule ne, amma a tambaya kafin a sa hannu.

Ƙarfen ɗumama ɗaki yana da marfi mai lamba 1 zuwa 5. Lamba 3 tana tsayar da ɗaki a wajen digiri 20, lamba 5 kuwa kusan 28. Sabon zuwa yakan murɗa zuwa 5 yana zaton zai fi saurin ɗumi, alhali saurin ɗaya ne, sai dai ƙarfen ya ƙi tsayawa. Kowane digiri ɗaya da ka ƙara yana ƙara kusan kashi 6 cikin ɗari a kan kuɗin. Wanda kuma ya kashe shi ɗungurungum don tsimi, ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 16, tururin girki da na numfashi zai kwanta a bango. Alamar farko ruwa ne a gilashin taga da safe, daga nan baƙin funfuna a bayan kabad, kuma mai gida na iya cire gyaran daga kuɗin ajiyar da ka ba shi lokacin kama ɗaki. Maganinsa a buɗe taga wangale minti 5 zuwa 10, safe da yamma, a rufe. Barin ta a ɗage wuni guda ɗumama titi ne.

Hitar lantarki fa? Mai wat 2,000 idan ta yi awa 5 ta ci kilowat-awa 10. A ce kowane ɗaya senti 35 ne, yuro 3 da rabi ke nan a rana, sama da yuro 100 a wata. Ni dai ban ga tsimi a nan ba.

Kafin ka karɓi ɗaki, tambayi mai gida ko zai ba ka takardar shaidar cewa kana zaune a wurinsa, sunanta Wohnungsgeberbestätigung. Idan ya fara kame-kame, nemi wani ɗakin komai arharsa. Da ita ake rajistar adireshi, Anmeldung, cikin kwana 14 da tarewa, kuma sai da wannan rajistar ofishin baƙi zai ba ka izinin zama. Ka sa sunanka a akwatin wasiƙa, don ta gidan waya takardu ke zuwa.

Bizar da aka buga maka a Najeriya ta 'yan watanni ce. A ofishin baƙi za a nemi fasfo, hoto, shaidar rajistar jami'a, inshorar lafiya da shaidar kuɗin zama. Tun Satumbar 2024, asusun banki da ake kullewa don wannan shaidar sai da yuro 11,904 na shekara, ana sakar maka 992 duk wata. Katin izinin zaman kansa yuro 100 ne. A manyan birane samun ranar ganawa na iya ɗaukar watanni, saboda haka ka shigar da buƙatarka tun biza tana da rai, ka adana shaidar ranar da ka tura. Wanda ya nema a kan lokaci zamansa halas ne har a yanke hukunci, akan ba shi takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung. Wanda ya bari ta mutu kafin ya nema, shi ke shiga tsaka mai wuya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarin.